"Ya Ce Kana Zuwa" da "Ya Ce Ka Zo": Inda Aikatau Ke Sauya Kama a Sifaniyanci

A harshen Sifaniyanci, wanda ake yi a ƙasar Sifen da yawancin ƙasashen Latin Amurka da kuma Ikwatoriyal Gini da ke kudu da gaɓar tekun Najeriya, akwai wasu gajerun jumloli biyu da ke rikita sabon ɗalibi. Ta farko ita ce *dice que vienes*, ta biyu kuma *dice que vengas*. Kalmomin farko iri ɗaya ne, aikatau ɗin ƙarshe ma asalinsa ɗaya, wato *venir*, zuwa. Amma ta farko na nufin "ya ce kana zuwa", ta biyu kuma "ya ce ka zo". Ɗaya labari ce aka kawo maka, ɗaya kuma aike ne aka yi a kira ka. Wanda bai bambance su ba zai iya zama yana murmushi alhali maigidansa na can yana jiransa a ofis.

Masu nahawun harshen suna kiran siffar aikatau ta jumlar farko *indicativo*, ta biyun kuma *subjuntivo*. Ta farko ita ce ta ba da labari. Ta biyu ita ce wadda ake wannan rubutu dominta, kuma ɗalibai da yawa suna jin sunanta kawai gabansu ya faɗi. Bahaushe dai bai kamata ya tsorata ba, don rabin abin yana bakinsa tun yana goye. Muna cewa "sun zo", amma "ina so su zo". Muna cewa "kun tafi", amma "ya kamata ku tafi". Babu Bahaushen da zai ce "ina so sun zo". Wannan *su* da *ku* da *mu* da *in* da muke sawa bayan so da umarni da addu'a, aikinsu ɗaya da na *subjuntivo*. Matsalar tana ga ɗaya rabin, inda Sifaniyanci ke neman wannan siffa a wuraren da Hausa ba ta nemanta, da kuma wani wuri guda da Hausa ke sa ta amma Sifaniyanci ya ƙi.

Kafin a shiga wuraren, bari a ga yadda ake ƙera siffar, don ba ta da wuya. A ɗauki aikatau a yadda mutum zai faɗe shi game da kansa a lokacin yanzu, a cire *o* ɗin ƙarshe, a musanya wasali. Aikatau masu ƙarewa da *-ar* su ɗauki *e*, masu ƙarewa da *-er* ko *-ir* su ɗauki *a*. Misali *hablar*, yin magana: *hablo* ya koma *hable*. *Comer*, cin abinci: *como* ya koma *coma*. Dalilin farawa daga siffar "ni" shi ne a nan baƙaƙen da ke ɓoye suke fitowa. *Venir* yana ba da *vengo*, shi ya sa aka samu *venga* da *vengas*. *Tener*, mallaka, yana ba da *tengo*, sai *tenga*. Guda shida ne suka ƙi bin wannan hanya, sai dai a haddace su: *sea* daga *ser*, *esté* daga *estar*, *vaya* daga *ir*, *haya* daga *haber*, *sepa* daga *saber*, da *dé* daga *dar*. Shi ke nan abin da ake bukata a yanzu.

Jumlar da ake magana a kanta kusan kullum gida biyu ce, da ƙaramar kalmar *que* a tsakani, wadda ake furtawa "ke". Gidan farko shi ke yanke hukunci, na biyu kuma shi ke sauya kama. Tambayar da mai koyo zai riƙa yi wa kansa ita ce: abin da ke bayan *que*, ba da labarinsa nake yi, ko kuwa wani abu dabam nake yi da shi? In labari ne, *indicativo*. In so nake ya faru, ko musunsa nake, ko faɗin yadda ya taɓa zuciyata nake, ko auna shi nake, to *subjuntivo*. Akwai malaman da ke saukaƙa wa ɗalibai da cewa siffar ta abin da ba gaskiya ba ce ko wanda bai faru ba. A ganina wannan saukin yana jawo wahala daga baya, kuma za a ga dalili idan aka zo kan farin ciki da baƙin ciki.

So da fata da roƙo su ne mafi sauƙi gare mu. *Quiero que vengas*, ina so ka zo. *Te pido que me ayudes*, ina roƙonka ka taimake ni. *Espero que estés bien*, ina fata kana lafiya. A lura da wannan ta ƙarshe: mu muna cewa "kana lafiya", su kuma dole *estés*, ba *estás* ba. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi boko da Faransanci su ƙara lura a nan, domin a Faransanci aikatau ɗin fata, *espérer*, siffar labari yake ja, amma takwaransa na Sifaniyanci, *esperar*, in dai fata yake nufi, *subjuntivo* yake ja. Sau da yawa ma ana yar da gidan farko gaba ɗaya a bar *que* tsirara, kamar yadda muke yi a addu'a. Mara lafiya a ce masa *que te mejores*, ka samu sauƙi. Mai shirin kwanciya a ce masa *que descanses*, ka huta. Wanda aka tarar yana cin abinci a Sifen a ce masa *que aproveche*, ya yi maka amfani. Duk wanda ya saba da "Allah ya kiyaye hanya" ya riga ya san wannan gini.

Sai ga tarkon da aka haƙa wa Bahaushe shi kaɗai. Mu muna cewa "ina so in tafi", da *in*, ko da mai son da mai tafiyar mutum ɗaya ne. Sifaniyanci ba ya yin haka. Idan mai so shi ne mai aikatawa, ba a sa *que*, sai a kawo aikatau a siffarsa ta ƙamus: *quiero ir*. Wanda ya bi tunanin Hausa ya ce *quiero que vaya*, kuskurensa ya wuce na nahawu, domin *vaya* siffa ɗaya ce ga "ni" da "shi" da "ita", kuma mai sauraro zai ji "ina so ya tafi". Mutum yana neman izinin tashi, sai a ɗauka wani yake so a kora. Ƙa'idar dai ita ce a duba ko an sauya mutum. An sauya, *que* da *subjuntivo*. Ba a sauya ba, aikatau na ƙamus.

Shakka ce ke da 'yar murɗiya. *Dudo que venga*, ina shakkar zuwansa, wannan a fili take. Amma *creo que viene*, ina jin yana zuwa, siffar labari ce, ko da mai maganar bai tabbatar ba. Nan ɗalibai ke yin gardama da malami: ai "ina jin" ba tabbas ba ne, me ya hana ta ɗauki *subjuntivo*? Amsar ita ce harshen ba ya auna yawan tabbacin da ke zuciyar mutum. Abin da yake dubawa shi ne ko mutum ya ɗauki maganar ya ajiye a gaban jama'a a matsayin ra'ayinsa. Mai cewa *creo que viene* ya ajiye ta, in an tambaye shi gobe zai amsa cewa shi ya faɗa. Da zarar ya kore, ya ce *no creo que venga*, ba na jin zai zo, ya janye hannunsa daga maganar, aikatau kuma ya sauya. Haka *pienso que* da *me parece que* suke: a tabbatarwa labari, a korewa *subjuntivo*. Shi kuma *dudar* baya da baya yake tafiya, don kore shakka tabbaci ne, saboda haka *no dudo que viene* ita ce aka fi ji.

Akwai wasu 'yan wurare da korewa ba ta aiki haka, kuma suna ƙara tabbatar da wancan bayani. Idan mai sayen kaya ya ce wa abokinsa *¿no crees que es caro?*, ba ka ganin ya yi tsada?, shi dai ya riga ya yanke cewa kayan sun yi tsada, goyon baya yake nema, don haka *es* ya tsaya yadda yake. Haka *no creas que es fácil*, kada ka ɗauka abu ne mai sauƙi. Sannan akwai "ko" ɗinmu. "Ban sani ba ko zai zo" shakka ce tsantsa, amma a Sifen *no sé si viene* ko *no sé si vendrá* ake cewa, ba tare da *subjuntivo* ba. A Meziko da Kolombiya da wasu ƙasashen yankin ana jin *no sé si venga*, kuma ba kuskure ba ne a can. Kalmomin "wataƙila" ma kowace da halinta. *Quizás* da *tal vez* suna karɓar siffofin biyu, amma *a lo mejor*, wadda mutanen Sifen ke yawan faɗa a hira, siffar labari take bi: *a lo mejor viene*.

Yanzu ga wurin da ya fi cancantar a zauna a kai, wato motsin zuciya. A ɗauka baƙo ya iso, yana tsaye a ƙofa da jakarsa, mai gida ya ce *me alegro de que estés aquí*, na ji daɗi da kake nan. Babu shakka a nan ko kaɗan. Mutumin yana nan, ana ganinsa da ido. Duk da haka *estés* aka ce, ba *estás* ba. Idan da siffar ta abin da bai tabbata ba ce kawai, wannan jumla ba ta da bayani. Bayaninta shi ne mai gida ba labari yake ba baƙon ba, don baƙon ya fi kowa sanin cewa ya iso. Sabon abu a jumlar shi ne farin cikin. Zuwan kuwa abu ne da su biyu suka riga suka sani, an ɗauko shi ne kawai a rataya masa farin cikin. Hausa ba ta nuna wannan da siffar fata, muna cewa "na ji daɗi da kuka zo", ba "ku zo" ba, shi ya sa kunnen Bahaushe ba ya yi masa gargaɗi a nan. Sai an koya da gangan.

Haka abin yake ga duk danginsu. *Me molesta que llegues tarde*, yana ɓata mini rai da kake makara. *Me sorprende que no lo sepas*, ina mamakin yadda ba ka san shi ba. *Tengo miedo de que se pierda*, ina tsoron kada ya ɓata, wadda a cikinta Hausa da Sifaniyanci suka sake haɗuwa albarkacin "kada". Aikatau ɗaya a cikinsu yana da fuska biyu, wato *sentir*. *Siento que estás triste* na nufin ina ji a jikina cewa ranka a ɓace yake, abin da na lura da shi nake faɗa maka. *Siento que estés triste* kuma na nufin ban ji daɗi ba da ranka ke ɓace, jaje nake maka. Wasali ɗaya ne ya raba lura da jaje.

Maganganun da ba su da takamaiman mai yi, irin "ya kamata", "yana yiwuwa", "abin kunya ne", ba sabon darasi ba ne, tsofaffin ukun nan ne suka sake shiga. *Es necesario que estudies*, wajibi ne ka yi karatu, ɗan'uwan so ne. *Es posible que llueva*, yana yiwuwa a yi ruwa, ɗan'uwan shakka ne. *Es una pena que no puedas venir*, abin takaici ne da ba za ka iya zuwa ba, ɗan'uwan motsin zuciya ne. Waɗanda suka fita daban su ne masu tabbatarwa: *es verdad que*, *es cierto que*, *es evidente que*, *está claro que*. Waɗannan labari suke ja, sai in an kore su: *es verdad que llueve*, amma *no es verdad que llueva*. Abin lura shi ne *es probable que*. Ko da mutum ya ƙara *muy* ya ce abu ne mai matuƙar yiwuwa, hadari ya haɗu gabas ta yi baƙi, dole dai *llueva*. In kuma ba wani takamaiman mutum ake nufi ba, sai a koma aikatau na ƙamus: *es necesario estudiar*, wajibi ne a yi karatu.

Bari a gwada duka a kan saƙo guda. A ɗauka wata ɗaliba ce a Giranada ta ji cewa mahaifiyar ƙawarta na kwance a asibiti, ta zauna rubuta mata gaisuwa. Ta fara da *sé que tu madre está en el hospital*, na san mama na asibiti. Sani tabbatarwa ne, don haka *está*. Sai ta ce *siento mucho que esté enferma*, na yi baƙin ciki ƙwarai da ba ta da lafiya. Mace ɗaya, ciwo ɗaya, aikatau ɗaya, amma a layi na biyu ya zama *esté*, domin an tashi daga sanarwa an shiga jaje. Ta ci gaba: *creo que el médico es bueno, pero no creo que la dejen salir esta semana*, ina jin likitan ya iya aiki, amma ba na jin za su sallame ta a wannan mako. Ga *creo* ya ja *es*, ga *no creo* ya mai da *dejan* ya zama *dejen*, duk a numfashi ɗaya.

Daga nan sai shawara: *es importante que descanse*, yana da muhimmanci ta huta. Sai shirin dubiya: *quiero visitarla el sábado, y quiero que me digas la hora*, ina so in zo dubiya ranar Asabar, ina kuma so ki gaya mini lokaci. A rabin farko mai so ita ce mai zuwa, sai *visitar* ya tsaya a siffar ƙamus. A rabi na biyu aikin ya koma kan ƙawar, sai *que* da *digas*. Ta rufe da *ojalá se mejore pronto*, Allah ya sa ta samu sauƙi da wuri. Wannan *ojalá* gadon Larabcin Andalus ce, daga zamanin da Musulmi suka yi mulki a sassan ƙasar tun daga shekarar 711 har faɗuwar Giranada a 1492, shekarar da Antonio de Nebrija ya fitar da littafin nahawun harshen a Salamanka. Asalinta 'yar'uwar "in sha Allahu" ce, amma yau kowa na faɗinta, mai addini da marar addini, kuma ba ta taɓa yarda da siffar labari.

Idan ƙawar ta tashi ba da labarin wannan saƙo bayan wata guda, sai lokaci ya ja baya, siffar ma ta bi shi. *Quería que le dijera la hora*, tana so in gaya mata lokaci. Ana ƙera wannan siffa ta baya daga yadda ake cewa "sun yi": *dijeron*, sun faɗa, a cire *-ron* a sa *-ra*, a samu *dijera*, *vinieron*, sun zo, ya ba da *viniera*. Akwai tagwayenta mai ƙarewa da *-se*, wato *dijese* da *viniese*, wadda aka fi gani a rubutu da kuma a Sifen, kuma a irin waɗannan jumloli ma'anarsu ɗaya. A wasu ƙasashen Kudancin Amurka, irin su Peru da Bolibiya da Ajantina, za ka ji mutane a hira sun bar siffar yanzu bayan aikatau na baya, su ce *quería que vengas*. Mai shirin jarrabawar DELE, wadda cibiyar Cervantes ke gudanarwa, gara ya tsaya kan *vinieras*. Da *ojalá* kuma zaɓin lokaci yana nuna ƙarfin fata: *ojalá venga*, Allah ya sa ya zo, akwai sa rai, *ojalá viniera*, ina ma a ce zai zo, an kusa fid da rai.

Ba duk kuskure ne ke da nauyi ɗaya ba. Wanda ya ce *quiero que vienes* a kasuwar Malabo ko a tashar mota a Madrid za a gane nufinsa, sai dai a san baƙo ne, kamar yadda mu ma muke gane wanda ya ce "ina so kun zo". Wanda ya kamata a kiyaye shi ne inda siffofin biyu duk daidai ne amma ma'ana ta rabu, irin na *decir* da *sentir*, da na *quiero que vaya*. A rubutu kuma akwai ɗan karan da ake ɗorawa kan wasali. *Hable* siffar fata ce, *hablé* kuma "na yi magana". *Esté* aikatau ne, *este* kuma "wannan". *Dé* daga bayarwa yake, *de* kuma ƙaramar kalmar mallaka ce.

Mai karatu da ke koyon harshen, ga aikin da za ka iya yi yau da takarda ɗaya. Ɗauki jumla guda, *mi hermano trabaja en Malabo*, ɗan'uwana yana aiki a Malabo. Sa mata *sé que* a gaba, sannan *creo que*, *no creo que*, *quiero que*, *me alegro de que*, *es posible que* da *es verdad que*, ka faɗi kowace da ƙarfi. Uku za su bar maka *trabaja* yadda yake, huɗu za su mai da shi *trabaje*.